Me ya sa ake ɗaga wuta har zuwa kilobolt 330?

Wani ya tambaye ni: "Tunda bolt 230 muke amfani da shi a gida, me ya sa daga Shiroro ake turo wuta a bolt 330,000? Ba ɓarna ba ce?"

Malam, domin a rage asara ne. Waya tana ɗumama idan wuta na bin ta, zafin nan kuwa wuta ce ke zubewa a hanya. Asarar ita ce I²R, wato amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke bin waya, sau kanta, sau turjiyar waya. A ce za a tura megawat 10 ta wayar da turjiyarta om 5 ce, a lissafi mai sauƙi na layi guda. Ana samun amfiya ne idan aka raba wat da bolt, don haka a kilobolt 33 amfiya kusan 300 ce, asara kilowat 450. A kilobolt 330 amfiya 30 ce kacal, asarar ta koma kilowat 4.5. An ninka bolt sau goma, asara ta ragu sau ɗari.

Taransifoma ce ke wannan aiki ta yawan naɗin waya: Vs/Vp = Ns/Np, inda V ke nufin bolt, N yawan naɗi, p gefen shiga, s kuma gefen fita. Naɗi 100 a shiga, 1,000 a fita, bolt ya ninka goma, amfiya ta sauka zuwa kashi ɗaya cikin goma. Sai dai ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, ita ma tana cin nata a ƙarfen cikinta da tagullar naɗin. Na sha ganin ta unguwarmu an lafta mata kaya fiye da kima har man cikinta ya fara tsiyaya, saboda asarar tagulla ita ma I²R take bi.