"Zan yi kwana biyu ban zo ba": yadda ake mayar da shi sanarwa

Tambaya: "Mutum 9 ne a ƙarƙashina. Sai dai in ga saƙo a waya: 'Oga, ba na jin daɗi, zan yi kwana biyu ban zo ba.' Sashen kula da ma'aikata kuma sun ce sai da cikakkiyar sanarwa a rubuce. Yaya zan gyara irin wannan?"

Malam, kafin ka rubuta komai, kira shi tukuna. Ni da kai mun san "kwana biyu" a bakin Bahaushe tana iya kai mako guda. Mai lissafin albashi kuwa 2 zai rubuta, rana ta uku ta zama fashin aiki. Ka tambaye shi abu uku: ranar da ya fara, ranar da yake sa ran dawowa, da ko ya ga likita.

Na daɗe ina wannan aikin, kuma inda na fi shan wuya shi ne "gobe" da "jibi". Wata ma'aikaciyata ta taɓa turo saƙo ranar Lahadi da ƙarfe 11:40 na dare, ta ce gobe da jibi ba za ta samu zuwa ba. Ban gani ba sai Litinin da safe, na rubuta Talata da Laraba. Litinin ta tashi babu izini, aka yanke mata kuɗin yini, sai da muka yi ta kai da komowa kafin a mayar mata. Tun daga nan nake fara duba lokacin da aka turo saƙo, sannan in sa sunan rana da kwanan wata tare.

Ga yadda ya kamata in rubuta tata:

"Ina sanar da ku cewa [suna, lambar ma'aikaci, sashe] ta nemi hutun rashin lafiya na ranakun aiki 2, Litinin 6 da Talata 7 ga wata. Ta sanar da ni ta saƙon waya ranar Lahadi 5 ga wata, ƙarfe 11:40 na dare. Tana sa ran dawowa Laraba 8 ga wata. Takardar likita ba ta iso ba tukuna."

Lokacin saƙon shi ne shaidarta cewa ta sanar kafin a buɗe ofis, don haka kada ka goge asalin saƙon.

Ka lura ban faɗi ciwon ba. Ko ya gaya maka abin da ke damunsa, amana ya ba ka, "rashin lafiya" ta wadatar. Kada kuma ka yi masa gyaran gangar auzinawa: wanda ya ce "ba na jin daɗi" kada ka rubuta an kwantar da shi don a tausaya masa, takardar likita za ta ƙaryata ku duka. In kuwa ɗansa ne ba lafiya, faɗi haka, domin a wurare da yawa wannan hutun daban ne. Kwana nawa ake yi kafin takardar likita ta zama dole, wannan dokar ma'aikatarku ce za ta faɗa maka. Kafin ka aika, tura masa ya karanta ya amince.