Yabon kwastoma a shafin sana'a: na ƙirƙira ko na jira na gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa sola a Daura, kuma yaron da ke gina mini shafi ya bar gurbin "abin da kwastomomi ke cewa". Ya ce in ba ni da su shi zai rubuta guda biyar ya sa hotuna, wai kowa haka yake yi. Ni kuma raina bai kwanta ba. In na tambayi mutanena kuma ba abin da suke cewa sai "madalla, Allah ya yi albarka". Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Sana'armu ɗaya, ni a Katsina nake, don haka bari in faɗa maka yadda nake yi.

Ka ce wa yaron ya bar gurbin nan a rufe har ka samu na gaske, ko da guda biyu ne. Na ƙirƙira ba ya ɓuya. Za ka ga duk biyar ɗin tsawonsu ɗaya, Turancinsu ɗaya, babu kwanan wata, babu wanda ya faɗi abin da aka haɗa masa. Hoton kuwa duk wanda ya sa shi a Google Lens zai gan shi a wasu shafuka, yau yana yabon mai sola, gobe yana yabon likitan haƙori a wata ƙasa. Daura kuma ba garin da za ka ce "wani Alhaji a unguwa kaza" a rasa mai cewa bari in tambaya ba ne. Ta fuskar doka ma, dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya a talla.

Matsalarka ta gaskiya ita ce "madalla" ɗin nan, kuma ba laifin kwastoma ba ne. Mutumin da ka wuni a kan rufinsa cikin rana, ya aiko maka da ruwa da abinci, ba zai dubi idonka ya ce aikinka da saura ba. Kara ce. Kuma ranar da ka gama aiki bai san komai ba tukuna, ya dai ga fitila ta kama, fanka na juyawa. Sola ba a saninta sai ta sha zafin Afrilu, lokacin da firiza ke aiki ba hutu, ko hadarin Agusta, lokacin da batir ba ya cika, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe fanel. Shi ya sa nake barin wata uku kafin in tambaya, in kuma ɗaya daga cikin lokutan nan ya kusa sai in jira ya wuce. Wanda nake bi cikon kuɗi ba na tambayarsa sai mun rabu da lissafi, domin yabon mai bashi rabinsa neman sassauci ne.

Tambayar ma ba "ya ka ga aikinmu?" ba ce. Wannan amsarta ɗaya ce a ƙasar Hausa. Ina tura saƙon murya ta WhatsApp, bayan gaisuwa in ce: ranka ya daɗe, kafin a sa sola nawa kake kashewa a fetur a sati? Yanzu me da me kake kunnawa, kuma wutar tana kai ka ƙarfe nawa? Sannan me ya ba ka haushi a aikin, ko me ka so a ce mun faɗa maka tun farko? Ta ƙarshen nan nake ƙarawa da cewa don Allah kada ya ji nauyina, gyara nake nema. Saƙon murya ya fi rubutu nesa ba kusa ba, don mutanenmu da yawa sun fi sakin jiki da baki, kuma ba ya kallon fuskarka.

Ga misali daga aikin da na yi wa wani mai shagon kayan sanyi a wajen Ƙofar Ƙaura. Inbata 3.5kVA, batirin litiyam 5kWh, fanel huɗu masu 550W, zai ɗauki firiza biyu da fanka da fitilu. An haɗa a watan Mayu, na tambaye shi a Satumba. Saƙonsa ya haura minti uku, fiye da rabi gaisuwa ce da addu'a da tambayar iyali. Abin da ya rage na rubuta shi kamar haka:

"Da janareta nake wuni, yanzu sai in yi sati ban tayar da shi ba. Da rana firiza biyun suna aiki ba matsala. Amma a Agusta da aka yi ta hadari, in na bar su duka biyun da dare wutar na ɗaukewa kafin asuba, sai da na koma kashe ɗaya bayan isha'i. Kuma sun ce mini Litinin za su zo, sai Juma'a na gan su. Da na kira kan maganar daren sun zo washegari sun duba."

A ƙasa na sa: mai shagon kayan sanyi, Ƙofar Ƙaura, Katsina, abin da aka haɗa da watan da aka haɗa, watan da ya yi maganar.

Abokin aikina ya so a cire maganar Agusta da ta Litinin. Na ƙi. Gaisuwa da maimaici da "ka gane ko" duk ana iya yankewa, ma'ana ba ta canzawa. Amma in ka cire "amma" ɗinsa, ka sa masa maganar da bai yi ba a baki, tunda abin da ya rage yana nuna 5kWh na riƙe firiza biyu har safe ko da wane irin yanayi, alhali ba haka ba ne. Wanda zai karanta ya zo ya sayi irin wannan haɗin, a daminar farko zai dawo maka da rigima, kuma shi ke da gaskiya. Ka san hadisin mai hatsin nan da ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, aka ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. To yanke ƙorafi daga cikin yabo shi ne wannan. Abin da na yi kawai shi ne na ƙara layi ɗaya a ƙarƙashi, da sunan kamfanina don a san ni ne mai magana: jinkirin daga wajenmu ne, kuma mai son firiza biyu su kwana a kunne da damina sai ya ƙara batir. Tun daga nan masu shago da ke kirana sukan fara da tambayar girman batir, ciniki ya fi sauƙi.

Kafin in ɗora, na tura masa rubutun yadda zai fito, harafi da harafi, na ce ya duba ko haka ya faɗa, kuma ya yarda a sa a shafi inda kowa zai gani? Ya amsa da murya cewa ya yarda. Wannan amsar da saƙonsa na asali ina ajiye su wuri ɗaya a waya da kuma wani wurin daban, don waya na ɓata. Kada ka ɗauki hoton hirarku ta WhatsApp ka liƙa haka nan kamar yadda ake yi a sitatus. Lambarsa da hotonsa suna ciki, kuma kai ya yi wa magana, ba duniya ba. Suna da murya da hoto duk bayanan mutum ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, yardar da ya bayar kuma yana da ikon janye ta. In ya ce a cire, ka cire a ranar, ba gardama. In shafin naka na Turanci ne, ka bar Hausar a sama, fassara a ƙasa, ka rubuta cewa fassara ce. Kada a mayar da "yana aiki ba laifi" ya koma "babu kamarsu a Arewa".

Maganar suna da hoto, a tamu sana'ar akwai abin da mai gina shafi ba zai tuna ba. In ka sa cikakken sunan mutum da unguwarsa da hoton ƙofar gidansa, ka sanar da ɓarayi inda batirin miliyoyi yake. Don haka ni sunan farko ko sana'a da unguwa kawai nake sawa, yadda mai shi ya zaɓa. Hoto kuwa na inbata da batir a jikin bango, ko na fanel daga kusa, ba get, ba lambar gida, ba mota. In Hajiya ce ta yi odar aikin, sau da yawa ba za ta so sunanta a waje ba, "wata malamar makaranta a Layout" ya wadatar. Gaskiyar maganar ba a sunan take tabbata ba, a cikin bayanin take, kuma in mai saye ya matsa yana son ji da kunnensa, sai ka fara neman izinin tsohon kwastoman kafin ka haɗa su.

Wa za ka tambaya? Kowa, bi da bi daga littafin aikinka, har da wanda ka san kun ɗan yi sa-in-sa. In waɗanda suka yi murna kaɗai kake nema, kowace magana gaskiya ce amma jimillar ƙarya ce. Ba na cewa ka ɗora zagi ko ƙazafi. Amma in mutum uku sun yi ƙorafin abu ɗaya, to ɗaya daga ciki ya kamata ya fito, tare da abin da ka yi a kai. In ƙaninka ko surukinka ne ka yi wa aikin, ka rubuta hakan a ƙasan maganarsa ko ka bar ta. Katin waya ko ragi don a yabe ka, ka nisance shi. In dai akwai alheri tsakaninku, ka yi shi ba tare da sharaɗi ba, in kuma ka yi wa wani aiki kyauta ko da ragi na musamman, a faɗa a wurin.

In ka buɗe Google Business Profile, can ne mutane za su rubuta da kansu su ba da taurari, kuma ba ka da ikon goge wanda bai yi maka daɗi ba, sai dai ka ba da amsa ko ka kai ƙara in ya saɓa ƙa'ida. Ƙa'idarsu ta hana biyan mutane don su rubuta, ta kuma hana tace masu murna kaɗai a tura. Ka tura wa kowa hanyar shiga, ya rubuta da wayarsa. Kada ka karɓi wayar Alhaji ka rubuta masa ko da ya ce "rubuta duk abin da ka ga dama". A shafinka kuma kada yaron ya zana taurari biyar a kan maganar da mai ita bai ba da tauraro ko ɗaya ba. In ya ce zai sa wata dabara don taurarin su fito a sakamakon bincike, ka gaya masa tun 2019 Google ta daina nuna taurarin da kamfani ya tara wa kansa a shafinsa.

Duk shekara ina bin tsofaffin in duba. Wanda batirinsa ya mutu ko muka daina sayar da irin inbatarsa, ina kiransa ya sake magana a sa sabon kwanan wata, in bai samu dama ba in sauke tsohuwar.