Za a Tambayi Mutum Zunubinsa Ranar Ƙiyama, Ko Ba Za a Tambaye Shi Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina shirya huɗubar Juma'a a kan hisabi, sai na ɗauko faɗin Allah a Suratul Hijri, aya ta 92 da 93: "Na rantse da Ubangijinka, lallai za mu tambaye su gaba ɗaya game da abin da suka kasance suna aikatawa." Ina cikin bincike kuma sai na ci karo da aya ta 39 a Suratur Rahman: "A wannan rana ba za a tambayi mutum ko aljani game da zunubinsa ba." Wani ɗalibi ya ce mini ɗaya ce ta shafe ɗaya. Shin haka ne? Kuma ya halatta in karanta ɗaya a mumbari in bar ɗayar?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya ƙara maka fahimtar littafinsa, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka hau mumbari.

Maganar ɗalibin nan kuskure ce, kuma bai halatta ka faɗe ta ga jama'a ba. Nasakhi, wato aya ta shafe wata, yana shiga hukunci ne, wato umarni da hani, ba ya shiga labari. Duba Suratul Anfal: aya ta 65 ta ɗora wa musulmi ashirin su daure a gaban mutum ɗari biyu, sai aya ta 66 ta zo tana cewa yanzu Allah ya sauƙaƙa muku, ɗari su daure a gaban ɗari biyu. Can hukunci ne aka sassauta, ayar kuma da kanta ta faɗi haka. Amma ayoyinka biyu labari ne Allah yake ba mu na abin da zai faru. Wanda ya ce an shafe labari, abin da maganarsa take nufi shi ne labarin farko bai zama gaskiya ba, Allah kuwa ya tsarkaka daga wannan. Ko a cikin hukunce-hukunce ma, malaman usul, wato masana tushen fiƙihu, ba sa garajen cewa an shafe aya sai haɗa ayoyin ya gagara, kuma an san wadda ta riga sauka da dalili.

Abin da ya rage shi ne a haɗa su. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 82, da Alƙur'ani daga wanin Allah yake da an sami saɓani mai yawa a cikinsa. Saboda haka duk inda ayoyi biyu suka yi maka kamar sun ci karo, ka tambayi kanka: shin abu ɗaya aka kore aka kuma tabbatar, a lokaci ɗaya, a kan mutane ɗaya? Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya bambanta, babu karo.

Fara da abin da aka kore. Ka koma Suratur Rahman ka ci gaba da karatu, kada ka tsaya a aya ta 39. Aya ta 41 tana cewa za a gane masu laifi da alamominsu, sai a kama su ta makwarkwaɗa da ƙafafu. Ka ga ma'ana ta fara fitowa: ba a bukatar a tambayi kowa don a gano ko mai laifi ne, fuskarsa ta riga ta nuna. Wannan shi ne bayanin da aka ruwaito daga Mujahid, ɗaya daga cikin malaman tafsiri na magabata. Imamu Ɗabari kuma ya kawo daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, cewa Allah ba zai tambaye su "kun aikata kaza?" ba, domin ya fi su sanin hakan, amma zai ce musu "don me kuka aikata kaza?" Tambayar neman sani ita aka kore. Tambayar tuhuma da tsawatarwa da yanke hanzari ita aka tabbatar. Uban da ya tarar da ɗansa a kan ɓarna ya ce masa "me ya kai ka?", ba labari yake nema ba, ya riga ya gani da idonsa. Allah kuwa shi ke da sifa mafi ɗaukaka. Haka za ka fahimci Suratus Saffat aya ta 24, inda aka ce a tsayar da su domin za a tambaye su, sai tambayar ta biyo baya nan take: "Me ya same ku ba kwa taimakon juna?" Babu mai jin wannan ya ɗauka amsa ake jira.

Sai lokaci. Ranar ƙiyama tsawonta shekara dubu hamsin ne, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'arij aya ta 4, kuma matsayai ne daban-daban. A wani a yi tambaya, a wani a rufe bakuna hannaye su yi magana ƙafafu su ba da shaida, kamar yadda aya ta 65 a Suratu Yasin ta bayyana. Ibn Abbas ya bi wannan hanya da kansa. A Sahihul Bukhari, wurin tafsirin Suratu Fussilat, Sa'idu ɗan Jubairu ya ruwaito cewa wani mutum ya zo masa da ayoyin da suka rikice masa, har da "ba za su tambayi juna ba" a Suratul Mu'uminun da "sashensu ya fuskanci sashe suna tambayar juna" a Saffat. Ya bayyana masa cewa na farko a busar ƙaho ta farko ne, na biyu kuwa bayan busa ta ƙarshe. Bai kore shi ba, bai kuma ce masa an shafe wata ba.

A wurina fuskar farko ce ta fi dacewa da ayar Rahman, saboda aya ta 41 da ta zo bayanta tana ƙarfafa ta. Amma fuskokin biyu ba sa kore juna, kana iya kawo su tare.

Kada ka ƙirƙiro haɗi da kanka don kawai ya yi maka daɗi. Alamar haɗin da ya karkace ita ce ya tilasta maka ɗauke wata aya daga zahirinta ba tare da dalili ba, ko ya ci karo da aya ta uku, ko ka duba tafsiran magabata ka rasa wanda ya riga ka. Misali, wanda ya ce muminai kaɗai za a tambaya, aya ta 6 a Suratul A'araf ta rushe maganarsa, domin ta ce za a tambayi waɗanda aka aiko wa manzanni, a tambayi manzannin kansu. Ka duba Ɗabari da Ibn Kasir a kan ayoyin biyu, ba ɗaya kawai ba, don sau da yawa amsar tana ƙarƙashin ɗayar. Shaihu Muhammadul Amin Shanƙiɗi ma ya ware littafi sukutum a wannan babi, Daf'u Ihamil Idɗirab, ya bi surori a jere.

Game da mumbari: ya halatta ka karanta ayar Hijri kaɗai ka gina huɗubarka a kanta. Wannan ba ɓoye ilimi ba ne, ba a ɗora wa mai huɗuba ya tattaro duk ayoyin babi ba. Abin da ba na yarje maka shi ne ka jera ayoyin biyu don ka ja hankalin mutane, sannan lokaci ya ƙure ka sauko ba ka warware ba. A cikin sahu akwai wanda zai tafi gida da rikicin, ba zai dawo ya tambaye ka ba, kai kuma ka ɗauki alhakinsa. In za ka kawo su, ka fara faɗin ma'anar, sannan ayoyin su zo su zauna a kanta: za a tambaye mu tambayar hisabi, ba don Allah bai sani ba. A darasi kuwa, inda ɗalibai suke zaune da littafi kuma suna iya tsayar da kai, ka kawo rikicin a fili, ka bi da su mataki-mataki har su iya warware irinsa da kansu. Ɗalibin nan da ya yi maganar shafewa, ka zaunar da shi ka nuna masa ayoyin Anfal kusa da waɗannan, ya ga bambancin.

Allah ne mafi sani.