Kin biya rabin kuɗin tambari, amma tambarin na wa ne?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina da shafin intanet da nake sayar da kayana, launinsa kore mai duhu da fari. Na ɗauki wani mai zane ya yi mini tambari, da ƙaramin tambarin nan da ke fitowa a saman burauza, da hotunan da ke bayyana idan an tura adireshin shafin a dandalin sada zumunta. Ta saƙon waya muka yi magana, abin da na rubuta masa shi ne "komai ya dace da shafina", kuma na ba shi rabin kuɗi. Tambarin da ya kawo ya yi kyau, amma korensa ba irin na shafin ba ne, ƙaramin ba ya karantuwa, hoton dandali kuma ana yanke gefensa. Fayilolin `PNG` kawai ya turo, ya ce sai na ƙara kuɗi zai ba ni na asali. Ina so in yi wa tambarin rajista. Zan iya riƙe ragowar kuɗinsa in kai wa wani ya gyara?

Amsa: Malama, barka kadai. Kada ki kai wa kowa tukuna. Dokokin ƙasashe sun bambanta a wasu rassa, amma a kan wannan magana yawancinsu tafiyarsu ɗaya ce.

Saƙonnin da kuka yi yarjejeniya ce, kotu za ta karɓe su. Matsalar ita ce abin da ke cikinsu. Alƙali ba ya auna kyan zane, abin da yake dubawa shi ne ko an kawo abin da aka yi alkawari. "Ya dace da shafina" ba ma'auni ba ne, domin mai zanen zai ce kore kika ce, kore ya kawo. Da kin rubuta masa lambar launin, misali `#0B5D4E`, ya kawo wata lambar, da magana ta ƙare a minti ɗaya. Saboda haka a kan launi hujjarki ba ta da ƙarfi sosai, sai dai idan kin tura masa adireshin shafin, domin duk mai wannan sana'a ya san yadda ake ciro lambar launi daga shafi.

A kan sauran biyun kin fi samun madafa. Doka a wurare da yawa tana ɗauka cewa wanda ya karɓi aikin sana'a zai yi shi da ƙwarewar da aka saba gani wurin masu wannan sana'ar, ko da ba a rubuta ba. Ƙaramin tambarin burauza yana fitowa ne a faɗin fiksel 16 ko 32, kuma a wannan ƙanƙanta cikakken suna ba ya karantuwa. Shi ya sa ake zana masa siffa ta daban, harafi ɗaya ko alama ɗaya mai kauri. Wanda ya matse babban tambari kawai ya miƙo, bai yi wannan aikin ba. Haka hoton dandali: girman da aka saba shi ne fiksel 1200 a faɗi, 630 a tsayi, kuma ana tara rubutu a tsakiya domin wasu manhajojin suna yanke gefe. Waɗannan kina da damar cewa a gyara su ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne wanda ba ki tambaya kai tsaye ba. Biyan kuɗin zane ba ya mayar da haƙƙin mallakarsa hannunki. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda galibin ƙasashen duniya suka shiga, zane yana samun kariya ba tare da an yi masa wata rajista ba, kuma a mafi yawan dokoki mai haƙƙin farko shi ne wanda ya zana. Da ma'aikacinki ne mai albashi ya yi shi a bakin aikinsa, a ƙasashe da dama da naki ne. Shi kuwa wannan mai zaman kansa ne. Kafin haƙƙin ya dawo gare ki sai ya miƙa shi, kuma dokar Birtaniya ta 1988 da ta Amurka ta 1976 duk sun ce miƙawar sai a rubuce da sa hannun mai miƙawa. Ƙasashe masu yawa haka suke. Abin da kike da shi yanzu, a mafi rinjayen fahimta, izinin amfani ne wanda aka fahimta daga yanayin cinikin, kuma tun da ba ki gama biya ba, ko wannan izinin yana iya yin jayayya a kansa.

Akwai shari'ar da lauyoyi ke yawan ambata a nan, ta kamfanin Griggs, masu takalman Dr Martens. Wani mai zane mai zaman kansa ya haɗa musu tambari, ba a rubuta komai a kan mallaka ba, daga baya ya miƙa haƙƙin ga wani kamfanin takalma na Ostireliya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila a 2005 ta ce amfanin haƙƙin na Griggs ne, domin babu mai hankalin da zai sayi tambari ya bar wa mai zane ikon sayar wa abokin gogayyarsa. Hukuncin yana goyon bayan irinki, amma ki lura sai da suka je kotu mataki biyu kafin su samu abin da jimla ɗaya a takarda za ta ba su. Kuma ba kowace ƙasa ce ke bin wannan fahimta ba.

Wannan ne dalilin da na ce ki dakata. Idan kika ba wani ya kwaikwayi hoton ya sake zana shi, kin yi kwafi kuma kin sauya aikin da haƙƙinsa bai zama naki ba, sai wanda kike ƙorafi a kansa ya zama shi ne mai ƙara. Rajistar ma haka. Ofishin alamun kasuwanci yana iya karɓar takardunki, amma mai haƙƙin zanen yana iya ƙalubalantar rajistar daga baya.

Fayilolin asali kuwa magana ce mai zaman kanta, ko an miƙa haƙƙi ba lallai a haɗa da su ba. Idan ba a ambace su ba, neman ƙarin da ya yi ba saɓa alkawari ba ne, kuma masu zane da yawa haka suke ciniki. Sai dai ki raba abu biyu. Fayil ɗin da ya yi aiki a kansa, mai ɗauke da gwaje-gwajensa, yana iya riƙewa. Amma tambari a tsarin `SVG` ko `PDF` wanda ake faɗaɗawa bai dushe ba, kina da hujja mai kyau cewa yana cikin abin da ake nufi da tambari, tun da `PNG` yana farfashewa idan aka buga shi babba.

Hanyar da na fi so gare ki ita ce ki yi amfani da ragowar kuɗin da ke hannunki wajen samun takardar da ya kamata a yi tun farko. Ki rubuta masa cikin ladabi cewa kin karɓi siffar tambarin, kuma za ki biya sauran da zarar an cika abin da ke ƙasa. Ki sa lambobin launukan shafin da sunan salon haruffansa. Ki sa tambari a `SVG` da `PNG` marar bango, mai launi, da baƙi zalla, da fari zalla don wuri mai duhu. Ga ƙananan, ki nemi ainihin fayilolin da shafi ke kira:

```html
<link rel="icon" href="/favicon.ico" sizes="32x32">
<link rel="icon" href="/icon.svg" type="image/svg+xml">
<link rel="apple-touch-icon" href="/apple-touch-icon.png">
<meta property="og:image" content="https://example.com/og.png">
```

Na uku girmansa fiksel 180 sau 180 ne kuma da cikakken bango, domin wayoyin Apple suna cike wurin da babu bango da baƙi. Ki kuma rubuta yadda za a gane aiki ya cika: a ɗora a shafin, a ga ƙaramin yana ganuwa a burauza mai farin bango da mai duhu, a tura adireshin a ga babu rubutun da aka yanke. Ki faɗi zagayen gyara nawa ne, misali biyu, da kwanakin da kike da su ki amsa bayan kowace miƙawa. Wannan yana kare shi ma daga gyaran da ba ya ƙarewa, shi ya sa masu zane ba sa ƙinsa.

Sai jimlar mallaka, wadda zai sa wa hannu: cewa da zarar an kammala biya, ya miƙa miki dukkan haƙƙin mallakar tambarin da sauran hotunan, a ko'ina a duniya, har ƙarshen wa'adin haƙƙin, kuma ya yarda ki sauya su ki yi musu rajista. Ambaton sauyi yana da dalili. Sashe na 6bis na Berne ya ba mai zane ikon a san shi ne ya yi aiki da ikon hana a ɓata shi, ko bayan ya miƙa haƙƙin kuɗi. A Birtaniya ana iya yafe wannan a rubuce, a Faransa ba a iya sarayar da shi, don haka izini a fili ya fi aiki. Ki bar masa damar nuna aikin cikin tarin ayyukansa, ba ta rage miki komai.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa: ba zai iya miƙa miki abin da ba nasa ba. Ki sa ya tabbatar a rubuce cewa shi ya zana, kuma ya lissafa duk abin da ya ɗauko a waje. Lasisin da manyan rumbunan sayar da hotuna ke bayarwa galibi ya hana a sa hotonsu a tambari ko alamar kasuwanci. Idan ganyen ko tsuntsun da ke tambarinki daga can ya fito, wasu dubbai suna da irinsa. Salon haruffa ma da lasisinsa: wanda aka saya don nunawa a shafi ba lallai ya halatta zane da shi ba. Masu lasisin `SIL Open Font License` an yarda a yi tambari da su. Ki duba na shafinki kafin ki ce masa ya bi shi, domin idan ke kika ba shi haruffan, alhakin yana kanki.

Idan ya ƙi, hanya ta biyu ita ce rabuwa a rubuce. Ko ki biya wani kaso a kan tambarin kaɗai ya sa hannu a miƙawar, ki ba wani sauran aikin, ko ku yafe wa juna ki bar zanensa gaba ɗaya, sabon mai zane ya fara daga farko ba tare da an nuna masa tsohon ba. Riƙe dukkan ragowar alhali kina amfani da tambarin shi ne mafi rauni a matsayinki, domin kin ci moriyar aikin. Kotu tana nan, amma a ciniki irin wannan kuɗin shari'a yakan wuce abin da ake jayayya a kai, kuma ko kin yi nasara a kan ingancin aiki, hukuncin ba lallai ya ba ki mallaka ba.

Rajista ta jira sa hannunsa. Kafin nan ki bincika rumbun alamu na ƙasarki da na WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, wato `Global Brand Database`, ko akwai mai kama da naki a rukunin kayanki, cikin rukunai 45 na tsarin Nice da ake rarraba kayayyaki da ayyuka da shi wajen rajista. Wannan binciken ba aikin mai zane ba ne sai idan an rubuta, kuma gara ki yi shi yanzu da sauran zagayen gyara a hannunki.