Odar da sistem ɗin SAP ya riƙe, alhali inbois ɗin bai kai iyakar bashi ba

"Oga, kwastoma iyakar bashinsa dubu 500 ne, inbois ɗin da bai biya ba dubu 300 kawai, na saka masa odar dubu 60 a VA01, shafin saka oda, sai sistem ya toshe ta. Ta ina ya wuce iyaka?"

Ƙanena, inbois kaɗai ka duba, shi kuwa sistem tun ranar da oda ta shiga yake fara ƙirgawa. Kwoteshin da ka buga a VA21 ba ya shiga lissafi, tayi ne, ba wanda ya ɗau alƙawarin komai tukuna. Amma da ya zama oda ya hau kan kwastoma, kuma yana nan a kansa lokacin da aka yi takardar fitar da kaya a VL01N, yana nan da aka buga inbois a VF01, suna kawai yake canzawa, ba ya sauka sai kuɗi sun shigo akanta ya shigar.

Je ka sake dubawa. A ce akwai kayan dubu 80 da suka bar sito ba a yi musu inbois ba, da wata tsohuwar oda ta dubu 90 da ba a kai ba. Haɗa da 300 ɗinka, 470 kenan, ka ɗora 60 ya zama 530. To ka ga inda ya tsallake.

Ita wannan tsohuwar odar nake so ka fara bi, don sau da yawa kwastoma ya daɗe da fasawa ba wanda ya rufe ta a sistem, tana zaune tana cinye masa iyaka a banza. In ya tabbatar maka ya fasa, a soke layukan kayan da ke cikin odar, lissafi ya koma 440 har da sabuwar.

In kuma ya ce maka ai na biya jiya, kar ka yi musu da shi, kar kuma ka ɗauka an gama. Tambayi akanta ko an shigar, kuma ko an haɗa kuɗin da inbois ɗin da aka biya. Wani lokacin kuɗin na cikin asusunsa amma tsohon inbois na nan a buɗe kwanansa ya wuce, in kamfani ya kunna wannan binciken shi kaɗai ya isa ya toshe oda ko da saura sarari.

Abin da ban yarda ka yi ba shi ne buɗe masa sabuwar lambar kwastoma don kaya su fita, wallahi na ga wanda aikinsa ya tafi a kan haka. Sakin oda na masu kula da bashi ne, su ke shiga VKM1, shafin odar da aka riƙe, su saki. Kai tura musu lambar odar da shaidar biya, kuma bayan sun saki kar ka ƙara ko kwali ɗaya a kai, ƙarin kuɗi na iya sa sistem ya sake riƙe ta.