Amsar Alhaji kan tayin fanka ta imel

Tambaya: "Alhaji barka da dare, kamfanin Chana ya turo min farashin fanka mai caji ta imel, dala 18.50 kowace ɗaya idan zan ɗauki 1,000. Ni a dala 15 nake so, yaya zan rubuta musu ba tare da sun ji haushi ba?"

Wa'alaikumus salam, to ƙanena ka saurara. Ni abin da na fahimta kana tsoron kada ka taya su daina amsa maka ne, kuma gaskiya idan ka rubuta 15 haka kawai tsurarta za su iya yin shiru. Imel ba Kantin Kwari ba ne da za ka taya mutum ya ce albarka ku yi dariya ku ci gaba, a rubuce babu murya babu fuska, lambar kawai yake gani.

Kafin ma ka taya, tambaye su 18.50 ɗin nan EXW ne ko FOB. Idan EXW ne, a ƙofar masana'anta za su miƙa maka kaya, motar kai wa tashar jirgin ruwa da takardun fitarwa duk a wuyanka. Idan FOB ne su za su ɗora a jirgi. Wani sa'in ba a taɓa farashin ba ma, ka ce su mayar maka da shi FOB a kuɗin nan, ka riga ka samu ragi.

Sannan kada ka nemi ragi hannu sake, ka haɗa shi da abin da za ka ba su. Ka fara da godiya, ka ce ka ga samfur ya yi maka, sai ka ce: na yi lissafin jigila da kwastan da kuɗin kawowa Kano, a 18.50 ba zan fita ba, idan za ku yi min 16.80 FOB zan ƙara zuwa 1,500, kuma zan tura kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari cikin kwana uku da samun takardar farashi, ciko idan kun turo kwafin takardar lodi. Ka ga dala 25,200 ke nan gaba ɗaya, 7,560 a gaba, mai saidawar yana da abin da zai kai wa ogansa. Kuma laifin ka ɗora wa lissafi, kada ka ce kayansu sun yi tsada ko wai suna so su cuce ka. A'a tsaya, 1,500 ɗin nan misali na bayar, idan ba ka da kuɗinsu kada ka rubuta, randa ka dawo ka ce dubu za ka ɗauka sun daina yarda da maganarka ke nan. Ka ba su wani abin, kamar ka yarda da kwalinsu na gida ba sai an buga sunanka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne 15 ɗin nan. Ni wallahi an taɓa yi min. Na matsa wa wani kamfani daga 14 har 11.50, imel kusan goma, kullum ku rage ku rage, ƙarshe suka ce to. Ina ta murna. Kwantena ta iso, muka buɗe fanka, batirin samfur 7Ah ne, wanda suka saka 4.5Ah. Fankar da ya kamata ta kai mutum tsakar dare tun ana sallar isha'i take mutuwa, ga zafin watan Afrilu, 'yan Sabon Gari suka dinga dawo min da kaya kwali kwali, wani abokin cinikina na shekara da shekaru har yau ba ya sayen kayan wuta a wurina. Na rubuta musu, suka ce ina na rubuta girman batir? Na duba imel ɗin kaf, babu. Farashi kawai na yi ta ja. Har yau abin yana ci min rai. Saboda haka a cikin imel ɗin tayin ka rubuta batir kaza, inci kaza, daidai da samfur, kuma ka ce su saka a takardar farashi.

Maganar iyaka, kada ka ce wannan ne farashina na ƙarshe sai idan da gaske ne. Za su dawo da kamar 17.60, kai ka ce 17.20, a nan za ku haɗu. Idan suka tsaya a inda ba za ka iya ba, ka ce na gode, a wannan karon lissafi bai kai ba, tayina yana nan har kwana bakwai. Kuma Chana suna gabanmu da awa bakwai, idan ka tura da rana sai gobe, kada ka bi su da imel uku. Akwai kuma maganar idan aka turo maka wai an canza lambar akawun, kada ka tura ko sisi sai ka kira su... wannan dai sai wata muryar, turo min abin da ka rubuta in duba kafin ka aika.