Ɗalibi ya rubuto yana son hira da ni kan tallan kamfanina: in amince?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin kamfanin sabulu a Sharada, Kano. Wani ɗalibi mai karatun kasuwanci ya kawo wa manajana wasiƙa, wai yana son a ba shi lokaci ya yi mana tambayoyi kan yadda muke tallata kaya da rarraba su, don kundin bincikensa na kammala karatu. Manajan ya ce mu share shi, kada a kwashe mana sirri. Ni kuma ba na son in wulaƙanta ɗan mutane. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarata ita ce ka amince, amma kai za ka shata iyakar hirar tun kafin a zauna. Tsoron manajanka yana da tushe, sai dai maganinsa ba korar yaron ba ne.

Fara da takardar kanta. Wasiƙar ɗalibi na gaskiya ba ta zuwa ita kaɗai. Sashen da yake karatu, ko a Jami'ar Bayero ne ko a kwalejin kimiyya da fasaha, yana ba shi takardar gabatarwa mai tambarin makaranta, da sunansa, da lambar rajistarsa, da taken binciken, da sa hannun shugaban sashe ko malamin da ke duba aikinsa. Idan abin da ya kawo rubutunsa ne kawai, a ce ya koma ya karɓo ta, ya haɗo da katin shaidarsa. Wannan ba cin fuska ba ne, shi ma ya san ƙa'ida ce. In ta zo, kada a kira lambar wayar da ke jikinta don tabbatarwa, domin mai ƙirƙiro takarda lambar abokinsa zai sa. Daga Sharada zuwa Jami'ar Bayero ba wata tafiya ba ce, ka tura yaronka ofishin sashen ya tambaya ko suna da ɗalibi mai wannan suna da wannan lamba.

Sannan ka duba me wasiƙar ta nema. Wadda aka rubuta da tunani za ta faɗi taken aikin, da wanda ake son gani, da tsawon lokacin da hirar za ta ɗauka, da abin da za a yi da bayanan. Wadda ta ce kawai "ina neman bayanai game da kamfaninku" ba ta nemi komai ba, kuma ta nemi komai. Amsarta ɗaya ce: ya aiko da tambayoyinsa a rubuce kafin ranar. A nan ake gane mutum. Ɗalibin da ya riga ya tsara aikinsa da malaminsa yana da tambayoyin a hannu, kuma za ka ga suna zagaya abubuwan nan huɗu da ake koya musu a aji: kaya, farashi, hanyar rarrabawa da talla. Wanda duk tambayoyinsa suka karkata ga inda kake sayo manja da soda, da nawa kake saye, da sunayen dilolinka, to wannan ba binciken talla yake yi ba.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, haɗarin ba a bakin ɗalibin yake ba, a kundin yake. Idan ya gama, za a ɗinke aikin a ajiye kwafi a sashe ko ɗakin karatu, na bayansa su ɗauka su kwafa, wani lokaci ma ya ƙare a shagunan da ke buga wa ɗalibai aiki. Saboda haka duk abin da za ka faɗa, ka ƙaddara abokin hamayyarka zai karanta shi baɗi.

Bari mu buga misali da lissafi. Mu ƙaddara kana fitar da katan 1,000 a mako: 600 ta hannun diloli uku a Kasuwar Singa, 250 motarka ke zagawa da su kantunan unguwanni, 150 kuma 'yan sari daga wasu garuruwa ke zuwa su ɗauka a bakin kamfani. Mu ce manyan dilolin nan uku kana yi musu rangwamen naira 300 a kowane katan, ƙananan masu saye kuma naira 150. Idan wannan ya shiga kundi da sunaye, mai kamfanin da ke gogayya da kai ba ya buƙatar komai sai ya je wurin mutum ukun nan ya ce shi zai ba da 350. Ƙarin naira 50 sau katan 600, naira 30,000 ke nan a mako, kuma da wannan ɗan kuɗin zai iya janye maka fiye da rabin cinikinka. Ƙananan kuwa, ranar da suka ji ana ba wasu ninkin abin da ake ba su, ka shiga rigimar da ba ka shirya mata ba.

Amma ga yadda za ka ba da wannan labarin ba tare da ka yi asara ba. Ka ce: kashi 60 cikin ɗari na kayanmu diloli ke ɗauka, kashi 25 motarmu, kashi 15 a bakin kamfani, kuma rangwame yana ƙaruwa gwargwadon yawan abin da mutum ya ɗauka. Ɗalibin ya samu duk abin da yake buƙata, har zai zana jadawalinsa ya ci makinsa, kai kuma ba ka ambaci naira ko sunan kowa ba. Haka za ka yi wa duk tambayar da ta taɓa kuɗi: ka ba da kaso da dalili, ka riƙe adadi da suna. Me ya sa ka zaɓi tallan rediyo maimakon allon bakin titi, me ya sa ka fito da ƙaramin sabulu mai araha, wane lokaci ciniki ke tashi, duk waɗannan ka saki jiki ka yi bayani. Haɗin sabulunka, da ribar katan, da wanda kake bi bashi, ka ce kai tsaye ba ka amsa su. Kada ka ƙirƙiro adadin ƙarya don ka sallame shi, domin za a rubuta shi da sunan kamfaninka, kuma takarda ba ta mantuwa. Lambobin wayar kwastomominka ma ba naka ba ne da za ka bayar. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafe su.

Ranar hirar, minti talatin zuwa arba'in sun isa, a ofis, kana nan ko manajanka yana nan. Kada a bar shi ya zauna da akawu ko direban rarraba kaya shi kaɗai, don direba ya fi kowa sanin wa ke ɗaukar nawa, kuma ba ya ganin laifin faɗa. In zai ɗauki murya a waya, sai da izininka. Hoton cikin masana'anta kuwa a'a.

Kai ma ka nemi naka. Yawancin irin wannan aiki ba ya tsayawa a hira da manaja, ɗalibin zai raba takardun tambayoyi ga masu kantuna da masu saye. Waɗannan mutane za su gaya masa abin da kunya ba ta barin su gaya maka: cewa ledar tana yagewa a katan, ko sabulun na saurin narkewa, ko motarka ba ta zuwa a kan lokaci. Ka sa sharaɗi cewa zai kawo maka wannan sakamakon, ka ma ba shi tambaya ɗaya ko biyu da kake son ya saka a ciki.

Ka sa manajanka ya amsa masa a rubuce, a taƙaice, kamar haka: "Mun samu wasiƙarka kuma mun amince. Ka kawo takardar gabatarwa daga sashenku da tambayoyinka kafin ranar. Ba za mu tattauna farashin sayen kayan aiki, riba ko sunayen abokan cinikinmu ba. Za mu karanta babin da ya shafe mu kafin ka miƙa aikin, kuma a lokacin za mu faɗa maka ko za ka ambaci sunan kamfanin ko ka sakaya shi." Ya sa hannu a kwafi biyu, ɗalibin ma ya sa, ku riƙe ɗaya.